Inna ta faɗi sau biyu da dare, ku ba ni shawara

Autar Inna: Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya ɗaure. Bayan rasuwar Baba na ɗauko Innarmu daga ƙauye na dawo da ita gidana a Kano, don yayyena kowa ya ce matarsa ba za ta iya ba, alhali gonar Baba su ke nomawa, ko tiyar gero ba su taɓa aiko mata ba. Maigida ne ya yi min karamci ya ba ta ɗakin baƙi mai banɗaki a ciki. To sau biyu ke nan tana faɗuwa da dare a hanyar banɗakin, na jiya har goshinta ya kumbura. Tana shan maganin hawan jini, in na bar mata wani lokaci ta manta, wani lokaci ta sha ta ce ba ta sha ba. Ga shi ta daina hira. Ni kuma ina koyarwa, sai ƙarfe biyu nake dawowa.

Hajiya Babba: Tayil ne, 'yata, babu wata tantama. Matar da ta saba taka ƙasa kin kai ta kan santsi. Ki naɗe dardumar da ke hanya, ki ajiye mata fo a gefen gado, ki bar fitila mai caji a kunne. Ƙwayoyin nan kuma su ke kashe mata jiki, ki dakatar da su ki koma zoɓo da tafarnuwa. Ni na riƙe uwar mijina har ta koma ga Allah, na san abin da nake faɗa.

Anti Nas: Hajiya, fo da fitila na yarda, amma kada a yanke maganin hawan jini kai tsaye, shanyewar ɓarin jiki ake gudu. Auta, waɗanne take sha, kuma da wane lokaci?

Autar Inna: Kala biyu ne Anti, ɗaya yana sa ta fitsari sosai. Bayan Isha nake ba ta duka, sai na ƙara mata Firiton don ta samu barci.

Anti Nas: To ga inda nake zargi. Mai sa fitsarin nan da safe ake ba da shi. In ta sha da dare dole ya tashe ta, ga Firiton ya sa mata magagi, ta miƙe zumbur a cikin duhu, jini bai kai kanta ba, sai jiri ya kwashe ta. Ki daina Firiton ɗin, ki kwashi kwalayen duka ki kai wa likitanta ya tsara lokutan. Ki roƙa a auna jininta tana kwance bayan ta huta minti 5, a sake aunawa bayan ta miƙe da minti 1, sannan da minti 3. In lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, awon da kansa ya nuna jininta na sauka in ta miƙe. Kafin nan, duk tashin da za ta yi ta fara zama a bakin gado, ƙafa a ƙasa, sai ta ji kanta daidai. Goshin nan ma a duba shi yau. In kin ga amai, yawan barci, ruɗewa ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko da bayan makonni ne, asibiti ba jira. Shirun nata kafin faɗuwar farko ya fara ko bayanta?

Maman 'Yan Biyu: Wallahi maza halinsu ɗaya. Namu sai ranar sallah su zo da lemo da turmin atamfa, su ɗauki hoto su tafi. Ki kira taron dangi kawai.

Autar Inna: Anti, da safe fa ina fama da yara da abincin makaranta, shi ya sa na zaɓi dare, don in gani da idona ta haɗiye. Firiton kuma mai kyamis ne ya ba ni, ba da kaina na yi ba.

Anti Nas: Ba laifinki nake gani ba, ƙanwata. Ki sayi robar magani mai gida bakwai, ki zuba na mako, ki miƙa mata tare da kokon safe. Gidan da ya zama wayam an sha, gardama ta ƙare.

Malamar Islamiyya: Ni shirun ne ya fi taɓa ni. A ƙauye tana da maƙwabta, ana biki ana suna da ita, nan kuwa an rufe get an bar ta da bango. Ki fito da ita tsakar gida, ki ba ta tsintar wake ko gyaran zogale, ki kira mata ƙawayenta a waya. Sallah ma in tsayuwa na sa ta jiri ta yi a zaune, hadisin Imrana ɗan Husaini ne a Bukhari.

Hajiya Babba: Duk wannan dogon zance ne. Ki mayar da ita ɗakinta na aure, ki ga in ba ta warware ba.

Autar Inna: Hajiya, wa zai kula da ita a can? Aiki kuma ba zan sa ta ba, Malama, a ce na mayar da uwata 'yar aiki. Fo ɗin ma na taɓa kawowa ta ce ita ba jaririya ba ce. Asibiti sai Asabar in maigida ya dawo da mota.

Anti Nas: Asabar ta yi nisa ga wadda ta bugu a ka, ki ɗauki adaidaita. Kuma ba ki amsa min maganar shirun ba.