Furotin ya fito daga kolom na nikel da datti: wane mataki kuka bi bayan nan?

Ɗalibar Digiri na Biyu

Salama alaikum. Furotin ɗina mai kilodalton 35 ne, da jelar histidin shida, na samar da shi a cikin E. coli. Ya kama kolom na nikel lafiya, na fitar da shi da imidazol milimola 250 a bafar Tris mai pH 8 da gishiri milimola 300, ya zo a mililita 10. Amma a kan jel akwai baƙi biyu da suka biyo shi: layi ɗaya wajen 27, ɗaya mai kauri wajen 60. Lissafi ya nuna pI ɗinsa, wato pH ɗin da cajinsa ke zama sifili, 5.5 ne, sai na ɗora shi kai tsaye kan kolom Q na musayar caji. Ko kaɗan bai tsaya ba, gaba ɗaya na same shi a ruwan da ya wuce. Don Allah duk wanda ya taɓa tsayawa a wannan gaɓa ya ba mu labarin abin da ya yi, da abin da ya gani.

Mai Aikin Dare

Wa alaikis salam. Imidazol ne ya hana shi kamawa. Ya taɓa faruwa da ni, na yi dayalisis na kwana ɗaya, washegari ya kama tsaf. Ki cire imidazol ki gani.

Tsohon Hannu

Dayalisis ɗin ya yi maka aiki, ƙanena, amma duba abin da ya tafi tare da imidazol ɗin. Gishirin ma ya tafi. A pH 8 kusan kashi ɗaya cikin goma na imidazol ne kaɗai ke ɗauke da caji, wato cikin milimola 250 ba su wuce 25 ba. Gishirin kuwa 300 ne cur, kuma kowane kuloraid a cikinsa yana takara da furotin wajen neman gurbi a kan rezin. Ai da gishiri ake sauko da furotin daga kolom Q. To ke, Malama, kin ba shi abin saukarwa tun kafin ya hau.

Ni ma haka na koya, da asarar aikin mako guda. Tun daga ranar ba na ɗora komai sai na kalli ma'aunin gudun lantarki na samfurin. Gishiri milimola 300 yana ba da wajen 30 mS/cm, ni kuma ba na ɗorawa sai ya sauko ƙasa da 7. Ba sai kin kwana kina dayalisis ba: mililita 10 ɗin nan, ki ƙara musu 50 na Tris milimola 20 marar gishiri, gishirin ya koma 50. Yawan ruwa ba ya damun musayar caji, abin da nake so da ita ke nan. Ki ɗora mililita 60 ɗin a kan ɗan kolom na mililita 5, ya kama, ya fito a tattare. Sai ki hau da gishiri a hankali daga 50 zuwa 500 cikin ninki ashirin na girman kolom.

Lissafin pI ɗinki bai yi ƙarya ba, tazarar 5.5 da 8 ta isa. Sharaɗi ɗaya ne aka cika, aka bar ɗayan.

Mai Ganyayyaki

Ni idan abu ya ƙi tsayawa a kolom, rage ƙarfin sinadarin wanki nake yi, in ƙara heksen, kuma in tabbatar silikar ta zauna ba tsaga.

Ɗalibar Digiri na Biyu

Na gode, yaya, amma wancan na ruwan tsirrai ne. Heksen zai lalata furotin, nawa a ruwa yake.

'Yar Enzayim

Ina da ja kaɗan a kan maganar Malam Tsohon Hannu, ba don ba daidai ba ce. Nawa enzayim ɗin ba ya jure ƙarancin gishiri. Ina zuba bafar tsarmawa, cikin minti biyar ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara. Na juya shi a injin, rabin furotin ya kwanta a ƙasan kwalba. Na gwada gilisarol kashi 10, ya rage amma bai hana ba. Ƙarshe na haƙura da musayar caji, na tafi rarrabewa ta girma, domin ita ba ruwanta da gishiri, a 300 ɗin nake gudanar da ita, kuma tana raba ni da imidazol a tafiya guda. Shawarata ki fara tsarma mikrolita 100 ki ajiye a kan ƙanƙara rabin awa kafin ki sadaukar da duka.

Sai dai ita ma ta ba ni darasi. Karon farko na cusa mililita 8 a kolom mai mililita 120, tuddan da ke allo suka narke cikin juna, ban raba komai ba. Wannan kolom ba ya kama komai, tacewa kawai yake yi, don haka faɗin abin da aka zuba shi ne faɗin abin da zai fito, har da ƙari. Yanzu ba na wuce mililita 2, wato sai na tattara samfurin tukuna, kuma a wurin tattarawar ma akan yi asara.

Tsohon Hannu

Gwajin mikrolita 100 ɗin nan na karɓa hannu biyu. Amma a wannan matsala tacewa ta girma ba za ta raba 35 da 27 ba. Sai bambancin ya kai kusan ninki biyu ake ganin tuddai biyu na gaske. Layin 27 ɗin ina zargin SlyD ne, furotin na ƙwayar kanta mai histidin da yawa a wutsiya, shi ya sa yake son nikel. Ni a wurina kolom Q ne ya raba mu, ya fito a bayan nawa. Ba alkawari ba ne, domin shi ma cajinsa negatif ne kamar naki, zai iya saukowa tare da naki.

Mai Aikin Dare

To me zai hana a gyara tun daga nikel ɗin? Da ina wanki da imidazol milimola 10, datti ya yi yawa. Na ɗaga zuwa 40, na kuma rage rezin daga mililita 5 zuwa 1, jel ya yi kyau sosai. Idan rezin ya fi ƙarfin furotin ɗinka, guraben da suka rage baƙi ne ke cike su.

'Yar Enzayim

Wannan gaskiya ne, amma wani furotin a 40 yake fara zubewa, sai a ajiye ruwan wankin a duba shi a jel. Layin 60 kuwa, in GroEL ne, wato furotin na ƙwayar da ke taimaka wa sauran furotin su naɗu, wanki ba ya cire shi, domin ba nikel ya riƙe ba, furotin ɗin ya rungume. A nan kolom na girma yake da amfani ko da don bincike: GroEL tarin guda goma sha huɗu ne, wajen kilodalton 800, yana fitowa tun da wuri, kusa da mililita 45 a kolom na 120. In naki ya fito tare da shi a can, to a manne suke. Na taɓa wanke rezin da ATP milimola 5 da MgCl2 milimola 10, layin ya ragu da kyau.

Tsohon Hannu

Ni sau biyu na gwada ATP, sau ɗaya ya yi, sau ɗaya ko gezau. Wanda ya ƙi, sai da na sauke zafin renon ƙwayoyin zuwa digiri 18 na kwana guda.

Ɗalibar Digiri na Biyu

Na dawo da rahoto. Gwajin mikrolita 100 bai yi fari ba, sai na tsarma sauran. Ya kama, ya sauko wajen gishiri milimola 200. Layin 27 ya koma kwalaben baya, kuma can bayan 500, lokacin wanke kolom, wani tudu ya fito wanda shan haskensa a nanomita 260 ya fi na 280, ashe akwai DNA ban sani ba. Nawa yanzu rabon 260 da 280 ya tsaya 0.6. Layin 60 dai yana nan a kowace kwalba da furotin ɗina yake. Gobe zan tattara zuwa mililita 2 in ɗora a kolom na girma. Yaya 'Yar Enzayim, ATP ɗin minti nawa kika bar shi a kan rezin, kuma a sanyi ko a zafin ɗaki?