Gidan gado za mu sayar, nawa za mu sa masa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a dan Allah a bani shawara. Gidan mahaifinmu ne Allah ya jikansa, a wani gari cikin ƙaramar hukumar Ringim, ƙafa 50 da 50, ɗaki 4 da zaure, biyu na bulo biyu na ƙasa, da rijiya, layi na biyu daga titi. Magada mun yarda a sayar a raba. Yayanmu yace miliyan 7 tunda maƙocinmu haka ya sa wa nasa, dillali kuma ya taya miliyan 3 da rabi. Ya ake gane kuɗin gaskiya?

Magini: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta wa Baba. Ai abu ne mai sauƙi, ku ƙirga bulo nawa ya shiga, kwano bandir nawa, siminti buhu nawa, ku lissafa da kuɗin yau sai ku ɗora kuɗin fili. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, farkon 2024 buhun siminti sai da ya haura dubu 10 a wurare da yawa. Duk wanda zai gina irin gidan nan yau wlh sai ya ji a jikinsa, kar ku yarda a yi muku wayo.

Tsohon dillali: Allah ya jikan mahaifi. Ni shekaruna da yawa a harkar nan tsakanin Ringim da Taura, bari in fara da miliyan 7 ɗin maƙoci. Tambaya ɗaya zan maka, an saya? In ba'a saya ba to wannan ba kuɗin gida bane buri ne, kowa yana iya sa wa nasa miliyan 20 ya zauna yana jira har kwanon ya yi tsatsa. Abin da ake aiki da shi shine kuɗin da aka sallama, aka biya, aka rubuta takarda gaban mai unguwa da shaidu.

Malam magini maganarka da gaskiya a ciki amma rabi. Mai saye ba bulo yake ƙirgawa ba, yana duba ne da wannan kuɗin me zan samu a unguwar nan. Ɗakin da aka gina shekara 15 da suka wuce filasta ta fara zuba ba zaka sayar da shi a kuɗin sabo ba, kamar mashin ne. Lissafinka yana amfani amma a wani waje daban, zan zo kansa.

Ɗan uwa abin da zaka yi, ka nemo min gidaje biyu ko uku da aka sayar a garin naku cikin shekarar nan, masu kama da naku a girman fili da yawan ɗaki. Kar ka kawo min na cikin garin Dutse ko Kano, kasuwarsu daban. Ka kuma tambayo kuɗin fili fanko, wanda ba gini, a bakin titi da layinku da kuma duk inda gidajen suke. Kuma ka ji daga bakin wanda ya saya ko wanda ya yi shaida, ba a majalisa ba, labarin majalisa kullum da ƙarin gishiri.

Wata baiwar Allah: Ni dai da zaku ji tawa kar ku sayar, ku zuba yan haya. Gidan uba fa. Mu ma haka akai mana aka sayar da namu kafin shekara kuɗin ya narke kowa ya dawo hannu rabbana

Mai tambaya: Hajiya na gode amma mu 9 ne harda ƙananan yara da iyayenmu mata biyu, kuma haya a garinmu ba wani abin kirki bane, an riga an gama wannan maganar.

Baba dillali na zaga jiya da yau ga abin da na samo. Na maƙocinmu ya fi shekara a kasuwa ba'a saya ba. Akwai ɗaya a bakin titi girman namu, ɗaki 4 duk bulo, da rijiya da shago ɗaya a gaba, wata 3 da suka wuce aka sayar miliyan 6 da dubu 200. Akwai wani a lungu kusa da kududdufi shima 50 da 50 ɗaki 4 duk ginin ƙasa ba rijiya, miliyan 2 da dubu 800 wajen wata 8 kenan. Sai wani a layinmu ma wanda aka sayar miliyan 2 da rabi amma wa ne ya sayar wa ƙaninsa. Fili kuma, bakin titi miliyan 2, layinmu miliyan 1 da dubu 300, wajen kududdufi dubu 800.

Tsohon dillali: Yawwa yanzu ka zo. Na wa da ƙani ka ajiye shi gefe, wannan cinikin zumunci ne ba kasuwa ba, kuma ina kyautata zaton da shi dillalin naku zai riƙa tsorata ku. Haka ma gidan da aka sayar da gaggawa saboda bashi ko asibiti, ba'a awo da shi.

Saura biyu. Ƙa'idar guda ɗaya ce kuma anan mutane suke juyawa, gidan da aka sayar shi ake gyarawa har ya dawo kamar naku. Abin da ya fi ku da shi a cire daga kuɗinsa, abin da kuka fi shi da shi a ƙara masa.

Ɗauki na bakin titi, miliyan 6 da dubu 200. Ya fi ku waje, kuma ba sai mun yi cinta ba tunda filayen sun faɗa mana, miliyan 2 da miliyan 1 da dubu 300 tsakaninsu dubu 700, cire. Yana da shago ku baku da shi, ni zan sa masa dubu 500, cire. Ɗakunansa biyu bulo ne inda naku na ƙasa ne, anan ne lissafin magini yake shigowa, sai dai ba kuɗin sabon gini za'a sa ba, tsohon ɗakin bulo da tsohon ɗakin ƙasa ake gwadawa, ince dubu 300 kowanne, dubu 600 kenan, cire. Rijiya kunnen doki. Abin da ya rage miliyan 4 da dubu 400.

Sai na kududdufi, miliyan 2 da dubu 800, shi kuma ƙari za'a yi masa dan kun fi shi komai. Waje dubu 500, ɗakunan bulo biyu dubu 600, rijiya in tana da ruwa har bazara dubu 150. Sannan wata 8 ba jiya bane kaya sun motsa, zan ƙara dubu 200. Ya kama miliyan 4 da dubu 250.

Kaga ɗaya mun sauko da shi ɗaya mun hau da shi sun haɗu tsakanin 4.25 da 4.4, to nan gidanku yake. Da ace ɗaya ya bada miliyan 3 ɗaya miliyan 5 da rabi da sai ince akwai abin da aka ɓoye maka a ɗaya daga ciki, ka koma ka sake tambaya. Ni ne ku zan sa miliyan 4 da dubu 800 saboda mai saye sai ya taya ƙasa, in an kai 4.3 in sallama. A miliyan 3 da rabi kuwa ku ce albarka.

Magini: Baba dubu 500 a shago ya yi kaɗan fa, ƙofar ƙarfe kaɗai nawa ce yanzu, ga dabe ga rufi. Ni inaga ya kai 800

Tsohon dillali: To in ka sa 800 ai gidan yaron nan ka rage wa kuɗi, ya dawo miliyan 4 da dubu 100 kenan, kai da kake cewa kar a musu wayo hhh. Ni da kuɗin haya nake auna shago ba da ƙofa ba, a tambayi nawa ake biya a shekara a shagunan layin. Amma ban ce nawa ne daidai ba, ban ga shagon ba.

Ɗan Auyo: Ni abin da zan ƙara daga abin da ya faru dani ne. Bayan ambaliyar 2022 na sa gidana kasuwa na auna shi da na wani abokina da ke kan tudu, ɗaki ɗaya fili ɗaya komai ɗaya, na rantse sai an bani kuɗinsa. Duk wanda yazo baya ma shiga ɗaki, gindin katanga yake dubawa, akwai wani layi da ruwa ya bari kusan gwiwa na shafa fenti amma gishiri ya sake fitowa fari fat filastar tana ɓarewa in ka taɓa da yatsa. Wata 10 ina jira ƙarshe da ragi mai yawa na sayar. Ringim ma ai ruwan nan ya taɓa wurare, dan haka ka duba ko ya shiga layinku, kuma ka tambaya ko ya shiga gidajen da kake gwadawa da su. In ya shiga na kududdufin to ginin kansa ya ci duka, ƙarin dubu 500 na waje bai isa ba.

Kuma dubu 200 ɗin da Baba ya ƙara na wata 8 ni ban gamsu ba. A ƙauye lokacin saidawa ya fi tsawon wata tasiri, in wancan da kaka aka sayar da shi mutane sun kai riɗi da shinkafa kasuwa kuɗi na hannu, ku kuma kuka fito da naku tsakiyar damina kowa kuɗinsa na gona, to ba ƙari ba ma sai dai ragi.

Tsohon dillali: Wannan gaskiya ne ban musa ba, sai mai tambaya ya faɗa mana watan da aka sayar da na kududdufin. Sannan wani abu da na manta, takarda. Gidan da yake da takardar ciniki ta asali da sa hannun mai unguwa da dagaci ba ɗaya yake da wanda sai dai ace kowa ya san na wane ne ba, balle gidan gado, mai saye yana tsoron gobe wani magaji ya taso daga Legas yace bai sa hannu ba. Tunda akwai ƙananan yara ku bi ta kotu a tabbatar da rabon da wanda zai tsaya musu kafin a karɓi ko sisi. Kuma ku yi maganar la'ada tun farko, anan wajenmu kashi 5 cikin 100 aka fi yi, a miliyan 4 da dubu 300 dubu 215 kenan, a san wa zai biya, ku ko mai saye ko a raba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Ruwa bai shigo layinmu ba a 2022 amma ya shiga lungun kududdufin, kuma bayan kaka aka sayar da shi. Takardar da Baba ya sayi filin tana wajen Inna a cikin adaka. Matsalar yanzu yayanmu, na karanta masa duka yace shi dai a fara sa miliyan 6 a gani tukunna.

Ɗan Auyo: Ka kai shi ya tambayi maƙocin naku mutum nawa suka zo taya nasa tun bara