Sarki ɗaya a babban layi, sarakuna uku suka cinye shi: cuta ce ko ganganci?

Ɗan Sabon Gari: Jama'a ku yi mini alƙalanci. Jiya a gasar draf ta unguwa na rage da sarki ɗaya, abokin karawata yana da uku. Ina kan babban layi, a kusurwa, gida na 46. Nasa suna 24, 35 da 48. Na nemi canjaras ya ƙi, ya turo 48 zuwa 37, alƙali ya ce dole in ci biyu, aka cinye ni. Kowa ya san mai babban layi ba ya faɗuwa. Wannan cuta ce tsagwaronta.

Baban Ummi: Cuta? Ya saci ɗa ne ya sa a aljihu? Ka iya bakinka malam, alƙalin nan dattijo ne.

Ɗan Sabon Gari: Ban kira sunan kowa ba. Wanda ya tsargu shi ya sani.

Na Rumfa: Cuta ce mana. A rumfarmu idan ci biyu ya zo maka, wanda ka ga dama kake ɗauka. Da ya ci na 37 ya zarce 5 ya yi zamansa, magana ta ƙare.

Malam Tela: Na Rumfa, dokar rumfa daban, ta gasa daban. A dokar hukumar duniya, FMJD, dole ka bi hanyar da ta fi yawan ci. Ɗan Sabon Gari, ɗauko allonka ka jera su mu bi a hankali. Babban layi gida goma ne: 46, 41, 37, 32, 28, 23, 19, 14, 10, 5. Da ya ajiye maka a 37, ka tsallake shi, kana da gidajen sauka tun daga 32 har 5. To amma daga 19 akwai wani cin, wato na 24, saboda haka nan doka ta ajiye ka. Ka tsallake 24, gida ɗaya ne ya rage maka, 30, domin sarkinsa na zaune a 35 ya tare gaba. Kana sauka ya ɗauke ka. Biyu ya bayar ya karɓi ɗaya, ɗayan kuwa shi ke nan gare ka.

Ɗan Sabon Gari: Malam, ai kusurwa ba a cin mutum a cikinta. Ni can na san mafaka.

Malam Tela: Ba a ci ka a kusurwa ba, fito da kai aka yi. A zaman nan 46 da 41 duk halaka ne. 37 ma 48 na kallonsa. 19 ya fi su sharri, domin za ka ga kamar ka kai wa 24 hari, alhali 24 ɗin ne nan take zai tsallake ka ya cinye ka, tunda gida na 13 a bayanka babu kowa. Da ka zauna 28, in ya turo 37 ta ƙasa za ka ci, ka sauka 46 lafiya, ya rage biyu da ɗaya.

Hajiya Mai Lissafi: Malam, in na fahimta ke nan ya gudu can sama, 5 ko 10, ya yi nesa da 37 ya huta?

Malam Tela: Hajiya, na motsi ɗaya ne kawai. In ya ga kin koma 5 sai ya ja 48 zuwa 25. Daga 25 yana iya shiga 14, ki ci shi ta sama, ki sake dira a 19, tarko ɗaya ƙofa biyu. Abin dubawa kafin kowane motsi shi ne: a wane gida sarkinsa na uku zai iya shigowa layin, kuma gidan yana tsakaninki da 19? In yana tsakani, tashi. Yana 48, kada ki zauna ƙasa da 37. Yana 25, kada ki zauna sama da 14. Tsakiya, kamar 28, ta tsira daga duka biyun a wannan zaman.

Injiniya: Duk surutu ne. Sarakuna uku suna kama ɗaya ko yana ina. Ku je ku nemi dabarar Petrov, alwatika ake yi masa, motsi 15 an gama.

Malam Tela: Injiniya, rabin gaskiya ka riƙo. Alwatikar Petrov ta ƙaramin allo ce mai gida 64, irin wasan Rasha, kuma sai masu ukun ne ke riƙe da babban layi take aiki. A allonmu mai gida 100 fili ya yi yawa, uku ba sa kama ɗaya sai ya yi kuskure. Shi ya sa doka ta ba su motsi 16 kowane ɓangare, in ba su kama shi ba canjaras. In biyu da ɗaya ne, motsi 5.

Injiniya: Ni dai na sha kama mutane da uku.

Baban Ummi: Yaran makarantar allo kake kamawa.

Ɗan Zango: Ku kuna ta ƙirga motsi. Mu nan Kumasi a damii, draf ɗinmu na Ghana, in ka rage da ɗa ɗaya, ko sarki ne, an ci ka, tashi wani ya zauna. Ɗan Sabon Gari ya gode Allah da aka bar shi ya yi ta yawo a layi.

Na Rumfa: To kun ji. Kowa da dokarsa. Don me za a ɗora mana ta Turawa?

Bamaradi: Ta Turawa? Baba Sy ɗan Senegal da wace doka ya zama gwarzon duniya? Mu a Maraɗi yaro ma ya san cin mafi yawa dole ne. Matsalarku kun iya buga allo da ƙarfi, ƙarshen wasa kuma sai addu'a.

Na Rumfa: Ka zo Kano ranar Juma'a da allonka. Kuɗin mota a wuyana.

Bamaradi: Da dokar wa?

Baban Ummi: Ni har yanzu ina kan kalmar cuta. Ya janye ta. Mutum ya yi ganganci ya zo yana ɓata sunan dattijo.

Ɗan Sabon Gari: Ganganci? Baban Ummi, kai da aka ci ka da sarakuna biyu a hannunka ranar sallah? Kuma ba a faɗi dokar ba kafin a fara, wannan fa?

Baban Ummi: An faɗa. Kana wajen mai shayi.

Hajiya Mai Lissafi: Tambayata ta bi ruwa. In ya ƙi 24 da 35, ya kafa irin wannan tarkon a wani layin, 28 ɗin tana nan lafiya?

Malam Tela: A'a Hajiya, babu gidan da aka yi wa alkawari. In ya jera biyu a layin da ya ratsa 28, misali 39 da 50, to 28 ce ta zama 19 ɗin. Duk inda kika ga sarki ɗaya a gefe, ɗaya a gabansa, gida ɗaya tak a tsakaninsu, bi layinsu ki ga inda ya yanki naki.

Shugaban Zaure: To ya isa haka. Abin da aka tsayar: yawanci sun yarda an matsa wa Ɗan Sabon Gari, domin dokar da ba a rubuta a takarda ba ba ta hau kan kowa ba. Bayanin Malam Tela ya yi tsawo, mai allo ya gwada. Bamaradi ya zo Kano, kuma da dokar rumfa za a buga.

Bamaradi: Wane yawanci? Mutum biyu ne, ɗayan ƙaninka.