An ce in biya kuɗin inshora kafin a sakar min rance, wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Na ga tallar wani kamfanin ba da rance, na cike fom a shafinsu, kafin yamma aka kira ni wai an amince min da 400,000. Ba su nemi jingina ba, ba su ce in kawo mai tsaya min ba, ko takardar shige da ficen asusuna ba su tambaya ba. Sharaɗi ɗaya ne, in tura kashi 3 cikin 100, wato 12,000, kuɗin inshora, wai za a mayar min idan na gama biya. Sun turo min hoton lasisi, na duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na hukuma, kuma yana nan. Ban tura ba tukuna. Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanyar ya faɗa min yadda ya kaya.

Ɗan Tireda: Wa alaikumus salam. Yaya, riƙe kuɗinki. Ni na bi hanyar har ƙarshe. Bayan na biya na inshorar, suka ba ni shiga wani shafi, na ga kuɗin rancen rubuce da sunana, har da maɓallin cirewa. Ina dannawa ya ce an daskarar da kuɗin, wai lambar asusun da na saka akwai kuskure. Na duba, lallai lamba ɗaya ta canza, alhali na tabbata daidai na rubuta. Su suke da shafin, su suka juya ta. Sai aka ce in saka kashi 10 cikin 100 don a tabbatar ni ne mai asusun. Da na ce ba ni da shi, murya ta sauya: ai na riga na sa hannu, bashi ya hau kaina ko na cira ko ban cira ba, za su kai ni kotu. Tsoron nan ne ya sa na biya na biyun. Da suka zo da na uku, wai haraji, na toshe lambar. Har yau ban ga sammaci ba.

Mai Ɗinki: Ni dai nawa sun ba ni kuɗin da gaske, amma da na yi jinkirin biya suka bi mutanen da ke cikin wayata da saƙo wai ni ɓarauniya ce. Har surukata sai da ta samu. Ki duba ko manhajar tana neman izinin shiga lambobin wayarki da hotunanki.

Ɗan Tireda: Allah Ya kyauta Hajiya, amma naki wani ciwon ne daban. Naki sun ba da kuɗi sun ci mutunci. Waɗannan ko sisi ba su da niyyar bayarwa.

Alhajin Lissafi: Dokata ɗaya ce, duk wanda ya ambaci wani kuɗi a kan rance ɗan damfara ne. Amma tunda kin ce sunan yana cikin jerin hukuma kuma kin ga lasisi, wataƙila waɗannan na gaske ne, ki je ofishinsu kawai.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Alhaji, a gafarce ni, duka biyun suna buƙatar gyara. Na daɗe a teburin ba da rance. Masu ba da bashi na gaskiya ma suna cajin kuɗin aiki, wani lokaci har da inshora. Bambancin yana wajen yadda ake karɓa. A kan 400,000 mai cajin kashi 3, abin da aka saba shi ne a cire 12,000 daga jikin rancen, 388,000 ta faɗo asusunki, ki biya bashin 400,000 da ruwansa, kuma duk wannan yana rubuce a takardar tayi kafin ki sa hannu. Don haka ƙanwata, ki kira su ki ce kin yarda, su cire daga ciki su turo sauran. Wanda ke riƙe da 400,000 ba abin da zai hana shi cire 12,000. Za ki ji an fara cewa tsarin kwamfuta ba ya bari, ko kamfanin inshorar daban ne.

Maganar lasisi kuwa, nan ne aka fi kama masu wayo. Sunan da kika gani a jerin na gaske ne, lambar lasisin ma ta gaske ce. Abin da ba ki tabbatar ba shi ne ko mutumin da ya kira ki ma'aikacinsu ne. 'Yan damfara suna ɗaukar suna da tambari da adireshin kamfani mai lasisi, su canza lambar waya da imel kawai. Hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya ta sha fitar da gargaɗi a kan irin waɗannan kamfanonin sojan gona. Ga yadda nake yi: ba na taɓa mahaɗin da aka turo min. Da hannuna nake rubuta adireshin shafin babban banki ko hukumar da ke ba da lasisin rance, in nemo kamfanin, in ɗauki lambar waya ko adireshin da ke can, in tuntuɓe su in ce, akwai takardar neman rance da sunana a wajenku? Kuna da ma'aikaci mai suna kaza? Sannan ku lura, takardar rajistar kamfani ba lasisin ba da rance ba ce. Rajista kowa na iya yi.

Tambaya ɗaya: asusun da suka ce ki tura kuɗin, sunan wa yake fitarwa?

Maman Biyu: Baba, yanzu na saka lambar ba tare da na tura ba. Sunan wata mata ya fito, ba na kamfanin ba. Na tambayi mutumin, ya ce akawunsu ce, asusun kamfanin ana gyaransa. Kuma ya ce in ban biya kafin ƙarfe 4 ba za a ba wani gurbina.

Tsohon Ma'aikacin Banki: To kin samu amsa. Kamfani mai lasisi ba ya karɓar kuɗi ta asusun mutum, kuma rance ba kujerar mota ba ce da za a ba wani. Matar da kika ga sunanta ma, mai yiwuwa aron asusunta aka yi, ba ta san me ake aikatawa da shi ba. Idan kin ba su hoton katin shaidarki, ki sa ido kada a ci bashi da sunanki, kuma kome za su ce kada ki karanta musu OTP ko PIN.

Malama Mai Adashi: Baba, ni akwai inda ban gamsu ba. A ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai sai ka yi ajiya na wasu watanni kafin a ba ka rance, kuma har kuɗin fom muna biya. Lokacin da mijina ya jinginar da gida, shi ya biya mai ƙiyasta darajar gidan tun kafin a amince. Waɗannan duk kafin alƙalami ne, kuma ba damfara ba ne.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Gaskiyarki Malama. Sai dai ajiyarki tana cikin littafinki, taki ce, kuma ku kuka je wajensu da ƙafarku. Mai ƙiyasin ma aiki ya yi, ya ba da rasit, kuma ba wanda ya yi wa mijinki alkawarin lallai za a ba shi. Inda na fi jin tsoro shi ne a haɗa biyun, an ce an riga an amince ba tare da an binciki komai naka ba, sannan sai ka biya kafin a saki. A Amurka, dokar tallar waya ta haramta wa mai yi maka irin wannan alkawarin ya karɓi kuɗi kafin rancen ya shiga hannunka. Amma na yarda, kuɗin fom wuri ne mai santsi, don na ga masu lasisi da ke tara shi alhali sun san kaɗan za su ba wa.

Ɗan Tireda: Baba, mu da muka riga muka tura fa? Na kai ƙara banki washegari, aka ce an riga an kwashe. Yanzu kuma wani yana ta kirana wai lauya ne, zai dawo min da kuɗina idan na biya na buɗe fayil. Ina ya samu lambata?