Kusurwar baki tana tsukewa idan na buɗe muƙamuƙi a Blender

Jama'a, kwana uku ke nan fuskar nan da nake ƙerawa a Blender, manhajar zanen 3D, ta hana ni sakat. Na zagaye leɓɓa da zobe uku na fuskoki masu kusurwa huɗu, ido ma haka, kuma ƙiftawa tana tafiya lafiya. Bakin ne matsala. Da na buɗe muƙamuƙi, sai kusurwar baki ta tsuke, wani ƙulli ya fito, Subdivision Surface kuma ya ƙara bayyana shi.

Akwai ɗigo mai layi biyar daf da kusurwar. Na ƙara zobe da Ctrl+R, ya bi kumatu har kunne. Na gyara nauyi a Weight Paint, ƙullin na nan daram.

Ina zan mayar da ɗigon nan ba tare da na saka alwatika ba?