Na iya lissafin shago, amma takardar kamfani ta ɗaure mini kai

Mai shagon atamfa a Kwari: Salamu alaikum 'yan uwa. Na fara sayen hannun jari, dillalina ya turo mini rahoton shekara na wani kamfani, ya ce in duba shafin Statement of Financial Position. Na ga kadarori na biliyoyi. Ke nan kamfanin na da ƙarfi?

Tsohon akanta: Alhaji, ai kana yin irin wannan duk shekara in za ka fitar da zakka. A ce atamfar da ke shago ta miliyan 8 ce, kuɗin hannu da na banki miliyan 2, kana bin 'yan sari miliyan 3. Kadarorinka miliyan 13 ke nan. To in dila yana bin ka miliyan 9, naka na gaskiya miliyan 4 ne. Haka shafin yake: abin da kamfani ya mallaka, abin da ake bin sa, sai ragowar, wadda ita ce ta masu hannun jari. Ragowar za ka fara nema. In ka ga an rubuta lambarta cikin baka biyu, bashi ya haura dukiya.

Wata mai sarin shinkafa: Ni miliyan 3 ɗin nan ce ta taɓa cinye ni. A littafi ina da arziki, a aljihu babu ko sisi, don rabin masu bashin sun daina ɗaga waya. Yanzu in na ga bashin da kamfani ke bin kwastomomi ya ninka alhali ciniki bai motsa ba, sai in ja baya.

Wani matashi: Ni dai ƙa'idata, kamfani mai bashi ba na taɓa shi.

Tsohon akanta: Ƙanena, da haka ne da babu wanda za ka saya. Tambayar ita ce yaushe za a biya, kuma da wane kuɗi. An ware bashin da wa'adinsa ke cika cikin wata 12, sai ka auna shi da kuɗi da hajar da za su koma kuɗi a wannan lokacin. Gini da injuna ba sa biyan dila gobe. Sannan ka duba ko bashin na dala ne. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa wajen 900 a ƙarshen shekarar, sai bashin dala ya kusa ninkawa in an auna shi da naira. MTN Nigeria da Nestlé Nigeria duk sun rufe 2023 bashi ya fi kadarori, alhali ciniki na tafiya.

Wani daga Maraɗi: Mu sefa muke riƙewa, a ɗaure take da yuro. Shafin ribar yana ina?

Mai sarin shinkafa: Wannan wata takarda ce daban, malam.

Mai shagon atamfa: Na duba, ragowar ba ta cikin baka. Sai dai filin masana'antarsu an rubuta shi da kuɗin da ko rumfa ba zai saya a Kwari ba.

Tsohon akanta: Galibi farashin da aka saya ne tun da can, sai in sun sake kimantawa. Bayanan da ke bayan shafin za su faɗa maka.

Matashin: To ke nan kamfanin ya fi abin da aka rubuta daraja, a saya kawai?

Mai sarin shinkafa: Filin da ba za su sayar ba? Ni ban gamsu ba.