Layukan rasit suna karyewa duk da na kayyade faɗin a 32

Assalamu alaikum. Kwana biyu ke nan wannan matsalar ta tsaya mini a wuya. Firintar rasit nake amfani da ita, mai takardar milimita 58, tana ɗaukar harafi 32 a kowane layi. So nake dogon bayanin kaya ya sauko layi na gaba ba tare da an raba kalma gida biyu ba.

Da farko na yanka rubutun duk bayan harafi 32, sai kalmomi suka riƙa tsinkewa a tsakiya. Na koma `textwrap` na Python:

```python
textwrap.wrap(bayani, width=32, break_long_words=False)
```

Da haruffan Turanci zalla komai ya fita tsaf. Amma da zarar layi ya cika kuma akwai ƙ, ɗ ko ɓ a ciki, sai firintar ta buga wasu baƙin alamomi biyu a gurbin harafin, harafin ƙarshe kuma ya faɗo layi na gaba shi kaɗai. A allon kwamfuta kuwa lafiya lau yake fitowa, abin da ya fi ba ni takaici ke nan.

Na duba, `len("ƙ")` yana ba da 1, amma `len("ƙ".encode("utf-8"))` yana ba da 2. Zatona firintar tana ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. Na rage faɗin zuwa 30, karyewar ta ragu, sai dai layi mai irin waɗannan haruffa uku har yanzu yana zubowa.

Don Allah, ta yaya zan sa lissafin faɗin layi ya bi ainihin guraben da firintar za ta buga, ba adadin haruffan da Python ke gani ba?